Biyar da Uku Sun Ba da Bakwai

Sharhinmu na yau zai fara ne daga wani ɗan shago da wani lissafi da ya ƙi fita.

Kwanakin baya na tarar da wani mai gyaran wuta da yaronsa suna gardama a bakin shago. Suna da irin mitar nan mai baki kamar awartaki, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi yawan wutar da ke bi ta cikinta. Yaron ya auna wayar hita, mita ta nuna amfiya 5. Ya auna wayar wani ƙaramin inji da ke juyawa ba kaya a kansa, ta nuna amfiya 3. Da ya auna babbar wayar da ke ciyar da su biyun, sai ta nuna amfiya 7. Ya ce, "Maigida, mitar nan ta lalace. Biyar da uku ai takwas ne." Maigidan ya ce, "Kai dai rubuta abin da ka gani. Wutar inji ba ta haɗuwa da ta hita kai tsaye, haka muka taras." Maigidan yana da gaskiya, mitar ma lafiyarta lau. Abin da nake so mu yi yau shi ne mu gano inda amfiya ɗayan nan ta shiga, kuma mu ga irin rubutun lissafin da ke fitar da bakwai ɗin cikin layi biyu kacal.

Wutar da ke zuwa gidajenmu a Najeriya da Nijar ba miƙe take tafiya kamar ruwa a famfo ba. Kai-komo take yi. Ta tura gaba, ta yi ƙasa, ta koma baya, ta dawo, sau 50 a kowane sakan. Zagaye ɗaya yana cin kashi ɗaya cikin hamsin na sakan, wato milisakan 20. In aka zana ta a takarda, sai a ga igiya mai tudu da kwari, irin wadda masu lissafi ke kira kosain. Kowace igiya irin wannan abu uku ne ke bayyana ta: tsayin tudunta, yawan zagayenta a sakan, da kuma lokacin da take kaiwa ƙololuwa. Wannan na ukun shi ne masu aikin wuta ke ce wa fes, kuma a nan ne amfiyar yaronmu ta ɓuya.

Ku tuna mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Saurinsu ɗaya ne, in ba haka ba taɓarya za ta haɗu da taɓarya. Amma ba lokaci ɗaya suke sauke hannu ba. Hita tana jan wutarta daidai lokacin da ƙarfin layin ya kai ƙololuwa. Inji kuwa, saboda naɗin wayar da ke cikinsa, wutarsa tana makara. A misalinmu mu ƙaddara ta makara da kashi ɗaya cikin shida na zagaye, milisakan 3 da ɗan ɗoriya. Tunda zagaye ɗaya digiri 360 ne, makarar ta zama digiri 60. To lokacin da wutar hita take kan ƙololuwarta ta biyar, ta inji ba ta kai ukunta ba tukuna. Lokacin da ta injin ta kai uku, ta hita ta fara gangarowa. Ba su taɓa cika tare, don haka takwas ba ta taɓa samuwa.

Wannan ya gaya mana dalilin da amsa ta gaza takwas. Bai gaya mana dalilin da ta zama bakwai ba. Wanda ya yi lissafin sakandare zai iya bin hanyar kosain kai tsaye, ya rubuta igiyoyin biyu haka:

5 cos(ωt) + 3 cos(ωt − 60°)

Harafin nan mai kama da ƙaramin w sunansa omega, shi ne saurin juyawa, t kuma lokaci ne. Daga nan sai ya warware kosain na biyun da dokar nan da ake haddacewa, ya tattara masu kosain gefe guda, masu sain gefe guda, sannan ya sake nemo wata doka da za ta ɗinke su su koma igiya ɗaya. Ana yi, kuma amsa tana fita. Amma na koyar da wannan hanya, na ga yadda ɗalibi mai ƙoƙari yake ɓacewa a tsakiya saboda alamar ɗebewa ɗaya. Igiya biyu ke nan. In sun kai goma fa, kamar yadda suke a kowace masana'anta?

Bari mu bar takarda mu je wurin mai faci. An kifa keke, tayar gaba tana juyawa, rana tana tsaka. Ka sa alli ka yi ɗigo a jikin tayar. Yanzu kar ka kalli ɗigon, kalli inuwarsa a ƙasa. Ɗigon yana zagaye, amma inuwar kai-komo take yi a kan miƙaƙƙen layi: ta je ƙarshen dama, ta ɗan yi jinkiri, ta dawo da sauri ta tsakiya, ta je ƙarshen hagu. Wannan kai-komon na inuwa shi ne kosain, ba ƙari ba ragi. Nisan ɗigon daga tsakiyar taya shi ne tsayin igiyar. Saurin tayar shi ne yawan zagaye. Wurin da ɗigon yake a lokacin da ka fara kallo shi ne fes.

Sai ka yi ɗigo na biyu a jikin ɗaya daga cikin sifok ɗin tayar, kusa da tsakiya, a bayan na farko da digiri 60. Inuwa biyu yanzu suna kai-komo a ƙasa, wani lokaci su rabu, wani lokaci su gitta juna, mai kallonsu ya rikice. Amma a jikin tayar, ɗigon biyu ba su motsa daga juna ba. Tazarar da ke tsakaninsu tana nan digiri 60, ko tayar ta juya sau dubu. Duk rikicin a inuwa yake. To me zai hana mu riƙe tayar, mu yi lissafinmu a kan ɗigon da ke tsaye, in mun gama mu sake ta ta juya, mu kalli inuwar amsa?

Wannan ita ce dabarar gaba ɗayanta. Abin da ya rage shi ne a samo rubutun da zai ɗauki ɗigo a kan taya a matsayin lamba, wadda za a iya tarawa a ninka.

Mu kwantar da tayar a ƙasa kamar taswira. Ɓangaren da inuwa ke bi mu kira shi gabas da yamma, ɗaya ɓangaren kuma arewa da kudu. Kowane ɗigo ana iya faɗin wurinsa da lamba biyu: taku kaza gabas, taku kaza arewa. Masu lissafi suka ce, takun gabas a rubuta shi da lambar da muka saba, takun arewa kuma a sa masa alama a gaba. Su suna sa harafin i, injiniyoyin lantarki suna sa j, domin i a wurinsu ya riga ya zama alamar wutar da ke bin waya. Uku gabas huɗu arewa sai a rubuta 3 + j4. Lamba ce mai ƙafa biyu.

A makaranta akan gabatar da wannan j ɗin ta hanyar da ke tsorata yara. Sai a ce wata lamba ce ta zato, wadda in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ɗaya a ƙasa da sifiri, alhali an riga an koya musu cewa babu irin wannan lamba. Ni ina ganin wannan gabatarwa ta cuci ɗalibai da yawa. Ka ɗauki j a matsayin umarni: juya kwata ɗaya, daga gabas ka fuskanci arewa. In aka ba ka umarnin sau biyu, ka juya kwata biyu, kana fuskantar yamma, wato kishiyar inda ka fara. Kishiyar ɗaya ita ce −1. Shi ke nan ma'anar j × j = −1. Wani mai safiyon ƙasa ɗan Norway, Caspar Wessel, shi ne ya fara buga wannan fahimta a 1799, kuma ba mamaki mai auna filaye ne ya gano ta, mutumin da aikinsa kullum shi ne taku kaza a kusurwa kaza.

Kafin shi da rabin ƙarni, a 1748, Leonhard Euler ya buga dokar da ke riƙe da wannan sharhi:

e^(jθ) = cos θ + j sin θ

Ga yadda za ku ji ta da kunne. Ɓangaren hagu yana cewa: ɗigo a nisan taku ɗaya daga tsakiya, a kusurwa kaza daga gabas. Ɓangaren dama yana cewa: wannan ɗigon, takunsa na gabas kosain ɗin kusurwar ne, takunsa na arewa sain ɗinta ne. Wuri ɗaya ne aka kwatanta ta hanya biyu. Harafin e lamba ce tabbatacciya, kusan 2.718, amma a aikinmu na yau ba ƙimarta muke nema ba. Halinta muke so.

Halin kuwa shi ne na kowace lamba mai ɗauke da wata a kafaɗarta. Biyu ninki uku, wato 2 × 2 × 2, in ka ninka da biyu ninki biyu, za ka sami biyu ninki biyar. Tarawa a kafaɗa, ninkawa ce a ƙasa. Don haka in kusurwar da ke kafaɗar e ta ƙunshi abu biyu, juyawar taya da kuma wurin farawa, za a iya raba su gida biyu:

e^(j(ωt + φ)) = e^(jφ) × e^(jωt)

Ku tsaya a nan, domin nan ne sauƙin yake. Gida na farko wurin ɗigo ne a jikin taya, ba ruwansa da lokaci. Gida na biyu juyawar tayar ce. Kosain ba ya rabuwa haka. In ka sa masa kusurwa biyu a ciki, sai ya fashe ya zama kosain sau kosain a ɗebe sain sau sain, lokaci da fes su cakuɗe. Shi kuwa rubutun Euler yana raba su sarai. To in igiyoyi biyu suna da yawan zagaye iri ɗaya, gida na biyun nan iri ɗaya ne a jikin kowacce. Abin da yake iri ɗaya kuwa ana fitar da shi waje, kamar yadda buhu biyar da buhu uku suke zama buhu takwas ba tare da an buɗe buhun ba. Sai a bar mu da kibiyoyi biyu a tsaye, kowacce daga tsakiyar taya zuwa ɗigonta, waɗanda za mu tara.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya halatta wannan. Inuwar jimla daidai take da jimlar inuwoyi. In ka yi taku biyar gabas, sannan ka yi wata tafiya a karkace, nisan da ka yi gabas gaba ɗaya shi ne na farko haɗe da na biyu, takun arewa bai shiga ciki ba. Shi ya sa za mu iya tara kibiyoyin tukuna, mu ɗauki inuwa daga baya.

Mu koma shago. Wutar hita kibiya ce mai tsawon biyar, tana kallon gabas sak. Wutar inji kibiya ce mai tsawon uku, ta makara da digiri 60, don haka ta karkata daga gabas zuwa kudu. Mu farfasa ta. Kosain na 60 rabi ne, uku sau rabi ya ba da 1.5 gabas. Sain na 60 shi ne 0.866, uku sau wannan ya ba da kusan 2.6 kudu. Yanzu tarawa: gabas da gabas, 5 da 1.5, ya zama 6.5. Kudu ba shi da abokin tarawa, yana nan 2.6. A rubuce:

5 + 3e^(−j60°) = 6.5 − j2.6

Mutumin da ya yi taku shida da rabi gabas, ya yi biyu da ɗigo shida kudu, nawa ne nisansa daga inda ya tashi? Dokar Pythagoras ce. Shida da rabi sau kansa 42.25. Takun kudu sau kansa 6.75. Jimla 49. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta take ba da 49? Bakwai. Ga amfiya bakwai ɗin da mita ta nuna. Kusurwar kibiyar kuma, in ka raba 2.6 da 6.5 ka nemi kusurwarsa a kalkuleta, za ka sami kusan digiri 22. Ma'ana jimlar wutar igiya ce guda ɗaya, mai zagaye 50 kamar iyayenta, mai tsayi bakwai, wadda ta makara da digiri 22, milisakan ɗaya da 'yan kai.

Kada ku yarda da ni haka kawai, mu gwada da inuwa. A lokacin da taya ta juya digiri 22, inuwar hita ta sauko daga biyar zuwa kusan 4.64. Ta inji saura digiri 38 ta cika, tana kusan 2.36. Ku tara: bakwai cif. Ku gwada kowane lokaci dabam, ba za ku wuce bakwai ba. A farkon zagaye 6.5 ne, a lokacin da inji ya cika 5.5 ne.

Wani zai ce, to ai mita ba ƙololuwa take nunawa ba. Haka ne. Mita tana nuna wani matsakaici ne, wanda ƙololuwa ta fi shi da ninki 1.414. Wutar gida da ake ce wa bolt 230, ƙololuwarta tana kai wa kusan 325. Amma tunda duk igiyoyin da ninki ɗaya aka rage su, kibiyoyin sun gajarta tare, siffar ba ta canja ba. Abin da ba a yi shi ne a ɗauki ɗaya da ma'aunin mita, ɗaya da ma'aunin ƙololuwa, a tara.

Yanzu ga abin da na fi so a cikin wannan misali, domin shi ne ke nuna cewa hanyar ba ado ba ce. Takun kudun nan na 2.6 ba ya yin aikin komai. Ba ya dafa ruwa, ba ya juya inji. Wuta ce da ke shiga naɗin waya ta fito, ta shiga ta fito, tana ɗumama wayar gida a banza. Mai kallon kibiya nan take zai tambaya: me ke jan wuta ta arewa? Amsa ita ce kafasita, irin wadda kuka sani a jikin fanka. Ita wutarta riga ƙarfin layi take yi da digiri 90, kibiyarta arewa sak. In aka haɗa wadda ke jan amfiya 2.6, a wutar bolt 230 mai zagaye 50 wannan kusan maikrofarad 36 ne, arewa ta share kudu, a bar 6.5 gabas. Ka ƙara kaya a layi, amma wutar babbar waya ta sauko daga 7 zuwa 6.5. Wanda ke tara lambobi kai tsaye zai ce ya kamata ta haura ta wuce tara. Manyan masana'antu suna ajiye akwatunan kafasita ne saboda wannan lissafi.

Mutumin da ya fi kowa shigar da wannan hanya cikin aikin lantarki shi ne Charles Steinmetz, wanda aka haifa a Breslau a 1865 ya yi ƙaura zuwa Amurka. A 1893, a babban taron masana lantarki da aka yi a Chicago, ya gabatar da takarda a kan amfani da lambobi masu ƙafa biyu wajen lissafin wuta mai kai-komo. A shekarar ce kuma Arthur Kennelly ya buga tasa a kan wannan fanni. Lokacin ana shimfiɗa layukan irin wannan wuta, injiniyoyi suna fama da dogayen lissafi don gano abin da zai bi kowace waya. Dokar Euler ta yi shekara 145 a littafi kafin ta sauko hannun masu naɗa taransifoma.

Ga kurakuran da na fi gani. Na farko kalkuleta ce. Tana da ma'aunin kusurwa biyu, digiri da radiyan, kuma a asalin dokar Euler radiyan ake nufi, rubuta digiri a kafaɗar e gajarce ce ta injiniyoyi. In kalkuletarka tana kan radiyan ka buga kosain na 60, za ta ba ka −0.952, lissafin shagonmu ya ƙare a wajen 2.3. Maganinsa sauƙi: kafin ka fara, buga kosain na 60, in ba rabi ka gani ba, gyara ta. Na biyu shi ne kusurwa. Uku yamma huɗu arewa kusurwarsa digiri 127 ne, amma kalkuleta za ta ce −53, domin rabawa kawai ta gani, ba ta san ko kana yamma maso arewa ko gabas maso kudu ba. Zana kibiyar a ƙasa ko da da tsinke ne, idonka zai gaya maka. Akwai kuma awo na gaba ɗaya: jimlar biyar da uku dole ta faɗa tsakanin biyu da takwas. In ka sami tara, koma baya.

Wannan biyu da takwas ɗin, ku masu sauraron rediyo kun san su da kunnenku. Da dare, mai kama tasha mai nisa a matsakaicin zango yakan ji murya ta cika ɗaki, can ta dusashe kamar mai magana ya shiga rijiya, can ta dawo. Tashar ba ta rage ƙarfinta ba. Saƙon ne ke iso maka ta hanya biyu, ɗaya ta bin doron ƙasa, ɗaya ta haura sama ta bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki ta dawo. Tasha ɗaya ce, yawan zagaye ɗaya, kibiya biyu. Sai dai rufin nan ba ya zama wuri ɗaya, yana hawa yana sauka. A tashar da ke kan kilohas 1000, tsawon igiya ɗaya mita 300 ne. In hanyar sama ta ƙaru da mita 150 kacal, kibiyarta ta juya digiri 180. In ta ƙasa biyar ce ta sama uku, abin da eriyarka ke karɓa zai sauko daga takwas zuwa biyu. A gajeren zango, a mita 31, canjin mita goma sha biyar da rabi ya isa. Kennelly ɗin nan da na ambata yana cikin mutum biyun da suka yi hasashen wannan rufi a 1902, shi da Oliver Heaviside. Edward Appleton ya tabbatar da shi a 1924 ta hanyar ƙirga wannan cika da dusashewa, yayin da ake sauya zangon wata tasha a hankali.

Amma hanyar tana da iyaka, kuma iyakar tana cikin sharaɗin da muka fara da shi: taya ɗaya. In yawan zagayen ya bambanta, babu abin da za a fitar waje. Ka ɗauki janareta biyu, ɗaya yana 50 ɗaya yana 51. In ka hau tayar na farko ka kalli kibiyar na biyu, ba a tsaye take ba, tana kewaya ka sau ɗaya kowane sakan. Jimlarsu ba ta da tsawo ɗaya, tana hawa tana sauka. Shi ya sa a tsohuwar hanyar haɗa janareta da layi ake sa ƙwan fitila a tsakaninsu. Ƙwan yana haske yana mutuwa, mai aiki yana daidaita saurin inji har lumshewar ta yi jinkiri sosai, sannan ya rufe makunni a lokacin da ƙwan ya yi duhu, wato lokacin da kibiyoyin biyu suka kwanta a kan juna. Haka nan ba a ninka kibiya biyu a ɗauki inuwa a ce an sami ninkin igiyoyin. Inuwar jimla ce ke daidai da jimlar inuwoyi, ninki bai sami wannan izini ba, kuma masu lissafin ƙarfin wuta suna da tasu doka dabam saboda haka.

Bari in nuna muku inda wannan iyaka take cizo a zahiri. Layin da ke fitowa daga taransifomar unguwa waya huɗu ne: fes uku da niyutural ɗaya. Fes ukun kibiyoyi ne masu tazarar digiri 120 a tsakaninsu, kamar duwatsun murhu. In kowanne yana ɗauke da amfiya 10, ka jera kibiyoyin kai da gindi, za su zagayo su dawo inda suka fara. Jimla sifiri, niyutural ba ta ɗauke da komai. In ɗaya ya sauko zuwa 4, sauran suna 10, ba sai ka taɓa kalkuleta ba: an cire shida daga abin da jimlarsa sifiri ce, niyutural ta ɗauki shida. Wannan duk mai gyaran wuta ya san shi, shi ya sa ake raba gidaje daidai a kan fes ukun.

Sai ga wani gini cike da kwamfutoci da cajojin waya da ƙwayayen fitila na zamani. An auna fes uku, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Lissafin kibiya ya ce niyutural ta huta. Amma ka taɓa ta, da zafi. Dalili shi ne irin waɗannan kaya ba sa jan wuta a lallausar igiyar kosain. Fizga suke yi, ɗan guntun lokaci a daidai ƙololuwa, sannan su saki. Fizgar nan in aka warware ta, akwai igiyar zagaye 50 a ciki, akwai kuma wata mai zagaye 150, ninki uku, da wasu sama da ita. Kowacce tayarta dabam, kuma dole a yi wa kowacce nata lissafin kibiya. A tayar 50, tazarar fes ukun digiri 120 ce, suna kashe juna kamar yadda muka gani. A tayar 150, komai ya ninka uku, tazarar ta zama digiri 360, wato babu tazara. Kibiyoyin uku suna kallon waje ɗaya. In kowane fes yana da amfiya 4 na wannan igiya, niyutural tana ɗauke da 12, a waya da wataƙila an sa ta siririya domin an ɗauka ba za ta yi aiki ba. In ka ga fes uku daidai amma niyutural tana ɗumi, maƙala mata mita, kuma ka tabbata mitar irin wadda aka rubuta True RMS a jikinta ce, domin mai arahar an gina ta ne a kan zaton cewa kowace igiya kosain ce mai tsabta, za ta nuna maka lambar da ba ita ba.